Idan database bai amsa ba, kar aikin ya mutu nan take

'Yan'uwa masu aikin cron na dare a nan Maradi, idan wuta ta ɗauke, injin database yakan ɗau mintuna kafin ya tashi. Sai aikin ya jira ya sake gwadawa, yana ninka jiran: daƙiƙa 2, 4, 8, har 64. Jimilla 126 ke nan, minti biyu da ɗoriya, don haka ku auna lokacin da injinku ke ɗauka, ku ƙara idan bai isa ba. Ku ɗora 'yan daƙiƙu na kan-mai-uwa-da-wabi, kada ayyuka duka su afka masa lokaci guda.

Amma fa a duba saƙon kuskuren. `Connection refused` ya cancanci jira, `password authentication failed` kuwa ko an kwana ana gwadawa ba zai gyaru ba, a tsaya a sanar da mai kula.