Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora kabul a kan shemin, da yadda ake gyara su

A watan Afrilun bara aka kira ni wani wurin matsar man gyaɗa a nan bayan garin Maraɗi, mai wurin ya ce wai dizonkter, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya amma kullum da la'asar sai a riƙa jin warin roba a cikin hangar ɗin, yara sun duba motocin wuta masu juya injuna sun duba tablo ba su ga komi ba. Da na ɗora tsani na hau sama na kai hannu kan kabul ɗin, wallahi ban iya riƙe shi ba. Kabul shida ne na 4G16, wato mai waya huɗu a ciki kowace ta 16, irin U1000 R2V, kowane yana zuwa mota mai kilowat 30, an cusa su cikin shemin mai faɗin santimetir 10, wato wannan tiren ƙarfe mai huji-huji da ake jera kabul a kai, an kuma ɗaure su tamau da kolye kamar damin kara, ga shi shemin ɗin dab da kwanon rufi. Kusan duk kurakuran da zan faɗa a wannan aikin guda na same su, shi ya sa zan bi shi daki-daki.

Babban kuskure shi ne mutum ya buɗe takarda ya ga an rubuta kabul na 16 yana ɗaukar amfer 100, ya ce shi ke nan ai motata amfer 55 take ja, ina da sarari har na banza. To wannan 100 ɗin da sharaɗi ta zo. An auna ta ne da kabul guda ɗaya tal, shi kaɗai a kan shemin mai huji, iska tana ratsa shi ta ko'ina, kuma zafin wurin digiri 30. Mu nan a Afrilu da Mayu ko a inuwa ana wuce 40, balle ƙarƙashin kwano da ƙarfe uku na rana. Na rataye ma'aunin zafi kusa da shemin ɗin nan ya nuna mini 50. Irin R2V robarsa ta ciki tana jure digiri 90, kuma a tsarin NF C 15-100 da muke aiki da shi in zafin wuri ya kai 50 ana ninka amfer ɗin da 0,82, ka ga 100 ta dawo 82 tun ba a je ko'ina ba. Da ma mai robar PVC ne wanda iyakarsa 70, da 0,71 za a ninka, ya fi muni ke nan.

Sai maganar dami, wadda ita ce mutane ba su yarda da ita sai sun gani. Kowane kabul da ke ɗauke da wuta zafi yake fitarwa, in yana shi kaɗai iska ta kwashe, in kuwa ka haɗa shi da ƴan uwansa to na tsakiya ba shi da inda zai kai nasa zafin, na gefe ma suna ƙara masa. Kabul biyu a dami ana ninkawa da 0,80, uku 0,70, shida 0,57. Lissafin wurin nan ke nan:

```
100 × 0,82 × 0,57 = 47 A
```

Kabul ɗin da ake gani kamar na amfer 100 ashe 47 kawai yake iyawa, ana kuma ɗora masa 55 tun safe har dare, a gabansa kuma dizonkter na 80 yana zaune abinsa ba ruwansa, don shi bai san zafin roba ba, amfer kawai yake ƙirgawa. Shi ya sa bai taɓa faɗuwa ba. Kuma abin ba rana ɗaya yake kashe kabul ba, a hankali yake cinsa, ƙa'idar da aka saba riƙewa ita ce duk ƙarin digiri 10 sama da iyaka yana raba rayuwar robar biyu. Alamun da zaka gane su ne rigar kabul ta taurare ta daina lanƙwasuwa, kolye ya nitse cikinta ya bar shaida, in ka raba damin ka ga na tsakiya sun manne da juna launinsu ya canza. In kana da pens, wato ma'aunin da ake maƙala wa waya, ka auna amfer lokacin da duk motocin ke aiki kuma da tsakar rana, aunin safe da mota biyu ba zai gaya maka gaskiya ba.

Alhaji mai wurin da ya ji lissafi sai ya ce to Malam sai mu sayo na 25 ke nan? Na ce a'a Alhaji, tukuna, kabul ɗin da bai ƙone ba ba sai an zubar ba, wurin kwanciyarsa za mu gyara. Guda biyu na tsakiya dai sun riga sun lalace sai da aka canza su. Muka kwance damin muka shimfiɗa su layi ɗaya a kan shemin mai huji, kowane kusa da ɗan uwansa ba wanda ya hau wani, a haka shida ana ninkawa da 0,73 maimakon 0,57, wato 82 ɗin nan ta ba da amfer 60. Ya wuce 55 amma bai kai dizonkter na 63 da nake son sawa ba, kuma doka ita ce abin da mota ke ja kar ya wuce dizonkter, shi kuma dizonkter kar ya wuce abin da kabul ke iyawa. Sai muka sauke shemin ɗin daga gindin kwano ya dawo bango ƙasa da wajen metir ɗaya da rabi inda iska ke ratsawa, nan ma'auni ya tsaya 45, a 45 kuma 0,87 ne, ka ninka 100 da 0,87 da 0,73 ka samu 63 da rabi. Da ƙyar ya tsallake amma ya tsallake. Da akwai faɗi ma da na bar rata tsakaninsu, don in ratar ta wuce kaurin kabul sau biyu ba a rage komi saboda maƙwabtaka, sai dai wannan yana cin shemin mai faɗi sosai kuma kuɗi ne.

Wannan shi ya kawo mu kan cika. Da yawa daga cikinmu yadda muke zaɓen shemin shi ne a duba in kabul sun shiga, in sun shiga to ya yi, kamar lodin mota ranar kasuwa. Ba haka ake yi ba. Ka ɗauki kaurin kowane kabul ka tara, 4G16 kaurinsa wajen milimetir 21 ne, shida sun ba ka 126, ka ga tun nan na santimetir 10 ya fita daga lissafi, dole ne su hau juna. Sannan ka bar sarari kamar kashi 30 cikin ɗari don gobe, domin na rantse ba wurin da na taɓa yi wa aiki da ba a dawo an ƙara inji ba. Mu na santimetir 20 muka sa. In kuma dole ta sa ka yi hawa biyu to ka san akwai wani ragin na 0,80 da zai hau kan na farko, hawa uku 0,73. Ƙananan wayoyin da ba su ɗauke da wani kaya, waɗanda abin da suke ja bai wuce kashi 30 na ƙarfinsu ba, ba a ƙirga su cikin masu dumama dami, amma fa suna cin wuri kuma suna da nauyi. Wani abin da ake mantawa, murfi. Wasu don kyau sai su rufe shemin ruf da marfin ƙarfe, to ka mayar da shi tanda ke nan, lissafin shemin buɗaɗɗe ya daina aiki. Ƙurar hunturu ma in ta taru ta toshe hujin nan bargo ce, a wurin niƙa ko matsa inda dusa ke tashi a riƙa hurewa.

Sai ƙafafun da ke riƙe da shemin. Da yake sandar shemin yawanci metir 3 take zuwa, sai mai aiki ya sa ƙafa ɗaya a kowane metir 3 wai ya yi tattalin ƙarfe, haka na tarar a can, tsakiyar kowace sanda ta yi ciki kamar igiyar shanya. Abin da ba a sani ba, lanƙwasar ba daidai da nisa take ƙaruwa ba, in ka ninka nisan ƙafafu sau biyu da kaya iri ɗaya lanƙwasa sau 16 take ƙaruwa. Kabul ɗin nan kowane metir nasa ya kusa kilo ɗaya, shida da sauran tarkacen da aka ƙara sun doshi kilo 10 a metir, wato kilo 30 a kan sanda guda ta ƙarfe marar kauri. Abin da aka yarda da shi lanƙwasa kar ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nisan, in nisan metir ɗaya da rabi ne kar ta wuce santimetir ɗaya da rabi, ka ja zare daga ƙafa zuwa ƙafa ka auna zaka gani. Ni metir ɗaya da rabi nake sawa, sai in takardar kamfanin da ya ƙera ta nuna zai ɗauki kayan a metir 2. Mahaɗar sanda biyu kuma kar ta faɗo tsakiyar fili, a matso da ita kusa da ƙafa kamar rubu'in nisan, kuma duk kwana da duk inda aka yi reshe a sa ƙafa gaba da baya. Bangonmu ma a lura, bulo mai rami ba ya riƙe shebi irin na kankare, wato abin da ake cusawa a hujin bango don noti ya kama, zaka ɗaure ya yi kamar ya kama, bayan wata shida ka tarar ya zazzago da garin siminti. Ko ka nemi shebin bulo mai rami ko ka huda bangon gaba ɗaya ka sa dogon noti da faranti ta baya. Kuma don Allah kar yaro ya taka shemin ya ce tsani ne.

Na ƙarshe da na tarar, wayar kamara da ta intanet da wayar sikelin awon buhu duk an bi da su cikin damin nan saboda hanya ta riga ta samu. Alhaji yana ta faɗa da mai kamara wai hoto yana rawa, sikeli kuma lambobinsa suna tsalle duk lokacin da aka tayar da motar da ke kan bariyater, wato na'urar da ke ƙara ko rage mata gudu, ashe ba laifin kowa ba ne sai kwanciyar wayoyin. Babbar wuta tana watsa hayaniya cikin ƙaramar waya in sun yi doguwar tafiya a manne, kabul ɗin bariyater kuma shi ya fi kowa. Abin da aka saba shi ne a raba su da santimetir 30, kowa da nasa shemin, in wuri ya ƙi a sa shingen ƙarfe a tsakani, in kuma dole su gitta juna su gitta a miƙe kamar alamar tarawa su wuce. Shingen nan da shemin ɗin kansa sai an haɗa su da ƙasa tun daga farko har ƙarshe, mu jan ƙarfe tsirara na 25 muka bi da shi muna kama kowace sanda, in ba haka ba shingen ado ne kawai, kuma ranar da wani kabul ya fashe duk tiren zai ɗauki wuta. Bututun ruwa ma haka, a bar aƙalla santimetir 3 tsakani kuma kabul ya bi ta sama, kar ya kwanta ƙarƙashin bututun da ke zufa ko ɗiga.

Da muka gama na koma ranar da duk motoci shida ke aiki wajen ƙarfe uku, pens ya nuna 54 zuwa 56 a kowane layi kamar da, na ɗora tafin hannu a kan kabul na tsakiya, da ɗumi sosai amma na iya barin hannun a kai har na gama magana da Alhaji. Sararin da ya rage a shemin kuma na ja masa layi da fenti na ce in za a ƙara inji na bakwai a kira ni tukuna, don 63 da rabin nan ba ta da sauran wurin ragi.