Takardar kiran iyaye a lakwal: kurakuran da sabbin daraktoci suka ƙi bari

Ƙannena daraktoci, na gaji da jin kuna cewa iyayen yanzu ba su zuwa in an kira su. Ku kawo takardar da kuka aika mu duba tukuna, sau da yawa ita ce ta kore su.

Babban kuskure shi ne takarda marar dalili. A rubuta kombokasiyo a sama da manyan baƙaƙe, a buga hatimi, a ce ka zo gobe ƙarfe 8 kan wata magana da ta shafe ka, shike nan. A Damagaram irin wannan takarda daga wajen ƴan sanda ko jandarma mutane suka saba ganinta, uban da ya karɓa abu ɗaya zai zo masa a rai, yaron nan ya yi ɓarna. A lakwal ɗin da na riƙe an taɓa aika irinta ga mahaifin wata yarinya ƴar CM1, abin da muke so kawai a kai ta a duba mata ido don ba ta ganin allo daga baya. Kafin gari ya waye ta sha bulala, uban ya zo da faɗa, ƙarshenta ya cire ta ya bar ta a makarantar allo kaɗai, mun bi shi har gida da shugaban CGDES bai saurare mu ba. Har yau abin na yi mini ciwo. Layi guda na dalili da ya hana wannan duka, to me ya sa kuke ƙyashin rubuta shi? Tawada ce ta yi tsada?

Amma kar a zarce kuma. Wasu da an ce su faɗi dalili sai su zube komai, muwayen 6, ba ya jin magana, yana barci a aji. Ku tuna takardar nan da Faransanci take, kuma yawanci ba uban ne zai karanta ba, maƙwabci zai kai wa ko wani ɗan lise a unguwa, kun ga kun tona asirin yaro a majalisar shayi. Ni dai abin da nake yi, in faɗi fannin maganar, lambobi kuwa in bar su sai mun zauna da bilten a gabanmu. Kuma in sa Hausa a ƙasan Faransancin.

A ce yaro ɗan 6e ne, muwayen ɗinsa ya sauko daga 11 zuwa 8 bisa 20, lissafi ne ya ja shi ƙasa, kuma kayen kiran suna ya nuna fashinsa duk ranar Alhamis ne, watau ana tura shi kasuwar Dole da ke ci a ranar. Ga abin da zan rubuta:

"Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa, muna roƙon ka zo lakwal ranar Talata 14 ga wata da ƙarfe 10 na safe, mu yi shawara kan karatun ɗanka, musamman lissafi da zuwa aji. Ba laifi ya yi ba. Zaman ba zai wuce minti 20 ba, mushensa na lissafi zai kasance. In ranar ba ta yi maka ba ka kira wannan lamba, ko mahaifiyarsa ta zo."

Sai suna, sa hannu, hatimi. Maganar Alhamis ba ta shiga takarda ba, baki da baki ake yin ta, don wataƙila da kuɗin ranar ake cefane a gidan.

Na biyu da ke ɓata mini rai shi ne jinkiri. A bari sai watan Mayu, an kusa kompozisiyo ta ƙarshe, sannan a kira uba a ce ɗanka zai maimaita aji. To ya yi yaya? Wannan sanarwa ce kuka yi masa, ba shawara ba. Da an ga makin farko ya faɗi ƙasa da 10, tun Disamba ko Janairu, a lokacin ake rubutawa, saura watanni a gyara.

Kar a sa zama ranar Alhamis ko Juma'a da hantsi, ba wanda zai bar rumfa ko shirin masallaci. Kar a ce gobe, a ba mutum kwana uku aƙalla. Kar a haɗa da tunin kuɗin CGDES a takarda ɗaya, wanda ake bi bashi ba zai tako ƙafa ba. Yaran ƙauye da ke zaune a Birni ko Zango wajen mariƙi, a rubuta wa mariƙin, uban a kira shi ta waya.

Sai batun miƙa takarda ga yaron da ake magana a kansa, shi da ke tsoron abin da ke ciki. Ni ina karanta masa ita tukuna ya ji ba ƙararsa aka kai ba, in sa ɗan yanki a ƙasa da uba zai sa hannu ko dangwale a maido, in kwana biyu ya wuce bai dawo ba in kira waya, ko in roƙi wata daga cikin matan AME ta unguwarsu ta leƙa gidan.