Darasin karan ɗori a Turanci: yaushe ake sa shi tsakanin kalmomi biyu, yaushe ake barinsa

To 'yan uwa, yau darasinmu a kan ɗan guntun layin nan ne da ake sawa tsakanin kalma da kalma, wanda a Hausa muke ce masa karan ɗori. Ba baƙonmu ba ne, kun sha ganinsa a dafa-duka da ci-ma-zaune da sannu-sannu. A Hausa in kalma tana da karan ɗori to tana da shi ke nan, duk inda ta je a jimla da shi take tafiya. A Turanci kuwa akwai wasu kalmomin da za ka gansu a layin sama da karan ɗori, ka sauko layin ƙasa ka ga kalmomin nan dai su ɗin ne amma babu shi, sai mai koyo ya ɗauka ko mai buga takardar ne ya manta, alhali da gangan aka yi. Ku dubi waɗannan biyun:

*He is a well-known writer.*
*The writer is well known.*

Ta farko tana nufin "shi sanannen marubuci ne", ta biyu kuma "marubucin sananne ne". Ku ɗan tsaya a kan Hausar tukuna, don amsar tana cikinta. Da sifa ta zo gaban suna mun ce sanannen, da harafin n a ƙarshe, da ta koma bayan suna sai muka ce sananne kawai, n ɗin ya faɗi. Haka muke cewa farar mota, amma motar fara ce. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, da shi muka tashi. To karan ɗorin nan na Turanci kusan haka yake yi. In kalmomi biyu suka haɗu suna bayanin suna ɗaya kuma suka zo kafin sunan, sai a ɗaure su da karan ɗori. In suka koma bayan sunan, galibi bayan *is* ko *are* ko *was*, sai a kwance su.

Me ya sa ake ɗaure su in suna gaba? Saboda a Hausa sifa tana canza kama ta nuna maka wa take nufi, ta Turanci kuwa ba ta canzawa. Ɗauki ɗan gwanjo. In na ce mai sayar da tsofaffin tufafi, ka san tufafin ne tsofaffi. In na ce tsoho mai sayar da tufafi, ka san mutumin ne ya manyanta. A Turanci kalmar *old* ɗaya ce ko tsoho ko tsohuwa ko tsofaffi, don haka in ka rubuta *old clothes seller* mai karatu bai san wa ya tsufa ba, mai kayan ne ko kayan. Amma in ka rubuta *old-clothes seller* ka ɗaure *old* da *clothes* wuri guda, kowa ya gane tufafin ne tsofaffi, mai sayarwar ma ƙila saurayi ne. Haka *small-business owner*, wato mai ƙaramar sana'a, in babu karan ɗori wani zai iya karanta shi kamar mai sana'ar ne ƙaramin mutum. In kuwa kalmomin sun koma bayan suna, ai ka riga ka ambaci wanda ake magana a kansa, babu sauran ruɗani, shi ya sa ba a buƙatar ɗauri.

Yanzu ga yadda za ku rinƙa gwadawa in kuna rubutu. Da farko nemo sunan da ake bayani, mutum ne ko mota ko gida ko aiki. Sannan duba kalmomin bayanin, gabansa suke ko bayansa. In gabansa suke, sai ka raba su, ka gwada kowace ɗaya ita kaɗai da sunan. A *big red car* za ka iya cewa *big car*, za ka iya cewa *red car*, duk suna da ma'ana, motar babba ce kuma ja ce, kowace kalma zaman kanta take yi, saboda haka babu karan ɗori. Amma a *well-known writer* gwada *well writer* ka ji, ba abin da ake nufi ba ke nan sam, don *well* ɗin ba marubucin yake bayani ba, *known* yake bayani, yana nuna yadda aka san shi sosai. In ka raba su ma'ana ta lalace, to tare suke aiki, ka ɗaure su.

Bari mu yi aiki da wata takarda irin wadda da yawanku za ku buƙata. A ce direba ne yake neman aiki, ya rubuta haka:

*I am a 35 year old driver. I am looking for a full time job. My licence is up to date. I am a highly experienced driver and I am well known in this area.*

Jimlar farko, sunan da ake bayani shi ne *driver*, kalmomi uku sun zo gabansa kuma dukkansu abu ɗaya suke faɗa, wato shekarunsa. Raba su ka gani, in ka ce *old driver* ka mayar da ɗan shekara 35 tsoho. Don haka sai a ɗaure su duka ukun: *35-year-old driver*. Karan ɗori biyu ne fa, ba ɗaya ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa na farko a manta na biyu, a rubuta *35-year old driver*, to nan an bar *old* shi kaɗai yana kallon direba. Sannan ku lura da wani abu da yake kayar da mutane sosai, in shekarun sun zo gaban suna *year* ake rubutawa, babu *s*, amma in direban ya juya maganar ya ce *I am 35 years old*, karan ɗori duk sun tafi, *s* ɗin kuma ya dawo. Haka *a two-bedroom flat* amma *the flat has two bedrooms*, haka *a three-day journey* amma *the journey takes three days*. Wannan ku yi ta maimaita shi da baki har ya zauna, don a fom da takardar haya kullum sai kun ci karo da shi.

Jimla ta biyu ba wuya, *full* da *time* sun zo gaban *job*, kuma *full job* ko *time job* ba su ne nufinsa ba, sai ya zama *full-time job*.

Ta uku ita ce tarkon, don wanda ya fara gane darasin sai hannunsa ya rinƙa ƙaiƙayi ya so ya sa karan ɗori ko'ina. Sunan a nan shi ne *licence*, wato lasisi, kuma *up to date* bayansa suka zo, bayan *is*. A bar su yadda direban ya rubuta, daidai ne. Da cewa ya yi *I have an up-to-date licence*, a nan ne za a ɗaure.

Ta huɗu tana da gaɓa biyu. Ƙarshenta, *I am well known*, daidai yake, babu sunan da ake bayani a bayan *known*. Farkonta kuwa, *highly experienced driver*, bisa abin da muka koya sai ku ce a ɗaure tunda gaban suna suke, amma a'a, ba a ɗaurewa. Dalili kuwa, kalmar bayanau da ta ƙare da *ly* irin su *highly* da *newly* da *fully*, wutsiyar nan tata ta riga ta sanar da mai karatu cewa kalmar da ke binta take bayani, ba wanda zai ɗauka *highly driver* ake nufi, saboda haka karan ɗori ba shi da aikin yi a wurin. Shi ya sa ake rubuta *newly built house* haka nan kawai, kuma *very* ma haka, *a very good tailor*. Sai dai ku yi hattara, ba duk kalmar da ta ƙare da *ly* ce bayanau ba. *Family* suna ne, iyali, don haka shagon da iyali suka mallaka *family-owned shop* ne, da karan ɗorinsa.

Takardar direba bayan gyara ta zama haka:

*I am a 35-year-old driver. I am looking for a full-time job. My licence is up to date. I am a highly experienced driver and I am well known in this area.*

Karan ɗori uku kacal muka ƙara, a wuri biyu.

Ƙa'idar tana da iyaka, gara in faɗa muku tun yanzu kada ku je ku gani a wani wuri ku ce malam ya koyar da ku ba daidai ba. Akwai kalmomin da karan ɗorinsu na dindindin ne, kamar dafa-duka ɗinmu, gaba ko baya da shi suke tafiya, misali *self-employed*, mai sana'ar kansa, ko ka ce *a self-employed woman* ko ka ce *she is self-employed* duk ɗaya ne. Irin waɗannan ƙamus ne zai nuna maka. Akwai kuma sunayen da suka daɗe tare har kowa ya san abu ɗaya ne, kamar *primary school*, yawanci ana rubuta *primary school teacher* ba a sa komai, don babu mai ruɗewa. Jaridun Turanci ma kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan wasu wuraren, za ka iya ganin wata ta rubuta *is well-known* da karan ɗori. Ni dai shawarata ku riƙe wadda muka koya, gaba a ɗaure baya a kwance, kuma a takarda ɗaya kada ku yi nan haka can haka.

Wajen rubutawa kuma, karan ɗori manne yake da kalmomin biyu, ba a barin fili gabansa ko bayansa. In da biro ne a yi shi gajere a tsakiyar tsayin harafi, kada ya sauka ƙasa kan layi. In a waya ne, a yawancin wayoyi za ka same shi in ka danna `?123` ko `123`, kuma `-` ake nema, ba `_` ba, wannan na ƙasan da ake gani a adireshin imel aikinsa daban.

Aikin gida: ku kwafi waɗannan a littafinku, a kowace ku ja layi ƙarƙashin sunan da ake bayani tukuna, sannan ku sa karan ɗori inda ya kamata. Biyu daga cikinsu ba sa buƙatar komai, ku faɗi dalili da Hausa in mun haɗu.

*She has a six month old baby.*
*The baby is six months old.*
*We need a part time cook.*
*It is a freshly painted shop.*
*He is a well trained mechanic.*