Kwatanta wasan kwaikwayo biyu: inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe

Duk shekara, in na zauna duba takardun ɗalibaina a nan Maraɗi, kuskure ɗaya nake fara cin karo da shi. An ce su kwatanta Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a kan jigon rushewar aure. Sai ɗalibi ya cika shafi biyu da labarin Hayatu da Halima, ya cika wasu biyun da na Jatau da Kyallu, ya ajiye alƙalami. Ya ba da labari sau biyu ke nan, kwatancin bai taɓa shi ba. Gane wannan ba wuya: raba takardar gida biyu. In kowane rabi ya tsaya da ƙafarsa bai nemi ɗan'uwansa ba, aikin bai yi ba.

Laifin ba na tsarin ba ne. Gama wasa ɗaya kafin a shiga na biyu yana da wurinsa: in takardar gajera ce, ko mai karatu bai san wasannin ba, ko hujjarka tana ga yadda labarin ya gangara daga farko har ƙarshe. Faɗuwar Jatau daga arziki zuwa tsiya, alal misali, in ka gutsuttsura ta sai ta rasa nauyinta. Gyaran shi ne rabi na biyu ya bi sawun na farko. In ka fara da wanda ya jawo ɓarnar, ka bi da abin da dangi suka yi, ka rufe da sakamako, to haka za ka jera su a wasa na biyu, kana waiwaye. Ka rubuta irin wannan: "Hayatu da hannunsa yake wulaƙanta matarsa, shi kuwa Jatau shi aka ci, ko da yake shi ya buɗe wa ɓarnar ƙofa da ya auro Kyallu."

Ɗaya tsarin, na ɗauko batu guda a auna wasannin biyu a kansa kafin a wuce, shi na fi so ga takarda mai tsawo, don yana tilasta wa ɗalibi yin kwatancin. Amma wasu sai su mayar da shi shillo: jimla ɗaya Hayatu, ta gaba Jatau, har kan mai karatu ya juya. Ba wa kowane wasa jimla uku ko huɗu, da misali daga fitowa takamaimai, sannan ka faɗi abin da bambancin ya nuna game da aure. Batu uku sun ishi shafi huɗu.

Wata ɗaliba ta taɓa ce mani: "Malam, batun karuwanci fa? Kyallu ce kawai yake hawa." Na ce mata to ba ma'aunin duka biyun ba ne. Ko ta faɗaɗa shi ya koma abin da ke janye miji daga gidansa, wanda zai hau Hayatu ma, ko ta ajiye shi cikin sakin layin Jatau kaɗai.