Darasi na Bakwai: Wanda Ya Riga Shiga Sito, Shi Zai Riga Fita

Wata uwargida ta auno wake mudu biyar ranar 5 ga Maris, ta zuba a bokitin fenti mai murfi. Zuwa 9 ga Afrilu saura mudu ɗaya a ƙasan bokitin. Maigida ya kawo wani mudu biyar, ita kuwa ta juye shi a kan tsohon. Daga sama ake ɗiba kullum, saboda haka mudun nan na Maris yana kwance a ƙasa, ba mai taɓa shi. Da aka shiga watan Mayu ta buɗe bokitin, sai ga ƙwari suna yawo, waken duk huji, ƙasan kuma ya zama gari.

Me ya faru? Ƙwaron wake a jikin ƙwayar yake yin ƙwai. Tsutsar ta shige ciki ta yi ta ci, in ana zafi cikin wata guda ko ƙasa da haka ta fito ƙwaro, shi ma ya yi nasa ƙwan. Tsohon waken ne ya riga kamuwa, ya shafa wa sabon. Don mudu ɗaya aka yi asarar shida.

Maganin shi ne mazubi biyu. Sabon wake ya shiga bokitinsa daban, a tura shi baya, tsohon ya dawo gaba inda hannu ke fara kaiwa. Sai tsohon ya ƙare tas, a wanke bokitin, a shanya shi a rana ya bushe sarai, sannan ya karɓi wani. In mazubi ɗaya gare ku, ku juye ragowar tsohon a kwano, shi za a dafa yau da gobe. Haka ake yi wa shinkafa, gero, garin kwaki, har da kuka da busasshiyar kuɓewa. Garin tuwo ya fi kowa gaggawa, domin hatsi in an niƙa ba ya jimawa kamar tsaba, balle da damina. Da kun ji ya fara wari ko ya dunƙule, ya soma tafiya.

Amma fa ido ba ya gane wanne ne tsoho, garin jiya da na makon jiya duk fari ne. Nan rubutun da muke koyo zai yi mana rana. Ku yanki 'yar farar takarda, ku rubuta sunan abin da ranar da ya shigo, ku manna da salatif: Wake 9/4. Lambar farko rana ce, ta biyu wata, wato 9 ga watan huɗu. A jikin bokitin za a manna, kada a murfi, don yara kan musanya murafe. Wanda hannunsa bai faɗa da haruffa ba tukuna, lambobin kaɗai sun wadatar.

Kayan kanti irin su taliya, madarar gari da tumatirin gwangwani suna zuwa da ranar ƙarewar wa'adi a jiki. Su kam wannan ranar ake bi. Taliyar da kuka sayo yau in wa'adinta ya fi kusa, ita za a fara dafawa ko da akwai ta watan jiya.

Sai ragowar abinci. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga firji, da bazara ma awa ɗaya. A zuba a ƙananan robobi masu murfi don ya yi saurin sanyi, a rubuta ranar da aka dafa: Miyar kuka 12/4. Kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa, shi ma in ba a ɗauke wutar lantarki ba. In an ɗauke wuta fiye da awa huɗu, wannan lissafi ya rushe, musamman ga miyar nama ko kifi. Kada kuma a zuba miyar yau a kan ta shekaranjiya, kuskuren waken nan ne ya dawo.

Gidan da ba firji, a tafasa miya sosai da dare, a rufe, kada a ƙara sa ludayi, da safe a sake tafasawa a cinye da ɗumame. Shinkafa ce ba a yi wa haka. In ta kwana a waje, ƙwayoyin cuta kan bar guba a cikinta wadda wuta ba ta kashewa, ko da ba ta yi wari ba. A dafa daidai ci.

Aikin gida

Ku shiga sitonku ku zaɓi mazubi uku, ku rubuta wa kowanne suna da rana. Sannan ku amsa wannan a littafinku: robar shinkafa ɗaya an rubuta mata 28/3, ɗayar 2/4. Wacce za a fara ɗiba?