Jinin al'ada da atisaye: kurakuran da 'yan wasa mata da kociyoyinsu suka fi yi

A filin atisaye ba kasafai ake kiran abin da sunansa ba. 'Yar wasa za ta ce "yau ba na jin daɗi", ko "ina fashin salla" in da mace take magana, koci kuwa ya gyaɗa kai, ko dai ya sallame ta ko ya ce ragwanci ne. Duk biyun a duhu ake yanke su. Abin da ke jikin wannan 'yar wasa ba lallai shi ne ke jikin waccan ba, kuma matsalolin da suka fi cin 'yan wasa, wato ɗaukewar al'ada da ƙarancin jini, su ne aka fi kau da kai a kansu.

Ɗora kowa a kan kwana 28

Kwana 28 matsakaicin tsawon zagayen al'ada ne kawai, wato daga farkon wannan jini zuwa farkon na gaba. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne, kuma ana fara ƙirga daga ranar farko da jini ya zuba sosai, ba ranar da aka yi wanka ba. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar cewa kowace mace tana fitar da ƙwai a rana ta 14. Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Mai zagayen kwana 33 tana fitar da nata wajajen rana ta 19, mai kwana 24 kuwa wajajen rana ta 10. Jadawalin da aka kwafo daga waya aka manna wa ƙungiya gaba ɗaya zai saɓa wa yawancinsu.

Haka ma maganar da ta yaɗu cewa a ɗaga ƙarfe mai nauyi a rabin farko na wata, a sassauta a rabi na biyu. A 2020 mujallar Sports Medicine ta buga wani nazari da ya tattara bincike 78 a kan wannan batu. Abin da ya gano shi ne ƙwazo na iya ɗan raguwa a kwanakin farko na jini, amma raguwar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma sakamakon binciken ya sha bamban da juna, shi ya sa ya ba da shawarar a duba kowace mace ita kaɗai. Paula Radcliffe ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki na Chicago a 2002 tana fama da ciwon mara. Fu Yuanhui, 'yar ninƙayar Sin, ta faɗa a bainar jama'a a gasar Olamfik ta Rio a 2016 cewa al'adarta ta zo mata a daren jajiberin tsere kuma ta gaji liƙis. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Littafi ɗan ƙarami ya isa, kuma a cika shi kullum na tsawon zagaye uku a jere. Layi ɗaya a rana: rana ta nawa ce a zagayen, awa nawa aka yi barci, bugun zuciya a minti ɗaya kafin a sauko daga gado, ciwon mara daga 0 zuwa 10, da wahalar atisayen ranar daga 1 zuwa 10. Abin da ya faru sau ɗaya ba hujja ba ne. Abin da ya maimaita kansa a zagaye uku a kwanaki iri ɗaya, shi ake gina tsari a kai. Idan littafin ya nuna rana ta 1 da ta 2 ne kawai ke kwantar da ita, sai a matsar da atisaye mafi tsanani zuwa rana ta 3 ko ta 4, a bar sauran watan yadda yake. Sati guda cur na hutu kowane wata yana cinye kashi ɗaya cikin huɗu na atisayen shekara, kuma yawancin mata ba sa buƙatarsa.

Murna da ɗaukewar al'ada

Wannan ya fi kowane kuskure tsada. 'Yar tsere ta ga wata biyu, wata uku ba jini, sai ta ce ta huta da wahala, wasu kociyoyi ma suna ɗaukar hakan alamar jiki ya murje. Ba haka ba ne. Bayan an tabbatar ba ciki ba ne, dalilin da ya fi yawa shi ne abincin da ake ci bai kai abin da atisaye ke ƙonawa ba. Ƙwaƙwalwa ce ke rage sinadaran da ke umartar ƙwai ya nuna, sai istirojin, wato sinadarin mata da kwaɗon ƙwai ke samarwa, ya faɗi. Istirojin kuwa shi ke riƙe ƙwarin ƙashi, shi ya sa ƙarshen labarin yakan zama tsagewar ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa ba tare da an faɗi ko an bugu ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya ba wa wannan yanayi suna RED-S a 2014.

Ga yadda lissafin yake. A ɗauki 'yar tsere mai nauyin kilo 55, wadda in an cire kitsen jikinta saura kilo 45. Tana cin kalori 1,900 a rana, atisaye yana ƙona 700. Abin da ya rage wa jiki ya yi sauran ayyukansa 1,200 ne. A raba 1,200 da 45, an samu kusan 27 ga kowane kilo. Ƙasa da 30 ne ake fara ganin sinadaran haihuwa suna rikicewa, wajajen 45 kuma shi ne wadata. Don ta kai 45, tana buƙatar kimanin kalori 2,700, wato akwai giɓin 800.

Giɓin 800 yana da ban tsoro a takarda, a faranti kuwa ba wani abu ba ne: soyayyar gyaɗa giram 60 ta ba da kusan 340, dafaffen ƙwai biyu 150, ƙarin kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa 200, babban cokali ɗaya na man gyaɗa a miya 120. Ba a lafta shi a zama ɗaya. A rarraba shi, musamman kafin atisayen safe da cikin awa ɗaya bayan an gama, domin wasu masu wannan matsala da cikin wofi suke fita gudu, sai azahar su ci abincin farko. Mai ramuwar azumi ta sa kwanakin ramuwa a ranakun hutu ko na atisaye mara nauyi.

Ka'idar zuwa asibiti a bayyane take: wata uku babu al'ada, ko zagaye ya riƙa wuce kwana 35, ko yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba. Akwai wasu cututtuka da ke kawo hakan, likita ne zai tantance. Dawowar al'ada bayan an gyara abinci takan ɗauki watanni, wani lokaci sai an rage atisayen ma. A kula da wani tarko: ƙwayar tsarin iyali tana sa jini ya zuba a satin da aka dakata da shan ta, amma wannan jinin ba shaida ba ne cewa jiki ya farfaɗo. Tana iya rufe matsalar, ƙashi kuma yana ci gaba da lalacewa.

Kiran ƙarancin jini da sunan lalaci

'Yar ƙwallo da a da take kai minti 90 ba haki, yanzu tun minti 60 ƙafafunta sun yi nauyi, tana hawa bene tana nishi. Kafin a ƙara mata zagayen fili a matsayin horo, a tambayi yawan jinin da take zubarwa. Idan tana jiƙa auduga sharkaf duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko jinin ya wuce kwana 7, ko yana fita da manyan gudaji, ko tana tashi cikin dare don canzawa, wannan zubar ta yi yawa, kuma kowane wata tana tafiya da sinadarin ayon, wanda jiki ke buƙata don yin jini.

Kuskure na biyu a nan shi ne tsayawa a gwajin PCV, wanda ke auna yawan jajayen ƙwayoyin jini. Rumbun ayon na jiki yana iya ƙarewa tun kafin PCV ya sauka, don haka a nemi gwajin feritin, wanda ke auna wannan rumbu. Likitocin wasanni sukan ɗauki ƙasa da 30 zuwa 35 a matsayin ƙaranci ga 'yar wasa, himogulobin kuwa, wato sinadarin da ke sa jini ja, in ya yi ƙasa da 12 ƙarancin jini ne sosai. Kada a yi gwajin feritin ana cikin zazzaɓin cizon sauro ko washegarin wasa mai zafi, domin kumburi yana ɗaga shi ya nuna wadatar da babu ita.

Shan maganin ayon ma akwai yadda ake ɓata shi. Shayi da madara suna hana hanji zuƙar ayon, kuma da su mafi yawan 'yan wasa ke kora ƙwayar da safe. A sha da ruwa ko ruwan lemon zaƙi, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu kafin shayi. Awa 3 zuwa 6 bayan atisaye mai tsanani jiki yana rage zuƙar ayon, saboda haka sassafe ya fi dacewa. Mai fama da taurin bayan gida ko tashin zuciya ta tambayi likita game da shan sa rana ɗaya a tsallake ɗaya. Ana ɗaukar kimanin wata uku kafin a sake gwaji. Hanta, jan nama da kifi sun fi ganye saurin ba da ayon, ko da yake wake, zogale da alayyahu suna taimakawa. Mai sikila, ko wadda aka sha yi wa ƙarin jini, kada ta taɓa maganin ƙarin jini sai da gwaji da izinin likita.

Zafi, sikeli da barci kafin jini ya zo

Bayan ƙwai ya fita, wani sinadarin mata mai suna furojestaron yana ɗaga zafin jiki da digiri 0.3 zuwa 0.5, bugun zuciya na hutu ya ƙaru kaɗan, barci ya yi sama-sama a kwanakin ƙarshe. A bazarar Kano ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40, wannan ɗan ƙari yana sa gudun da aka saba ya yi wuya. A auna nauyi kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu, a mayar da ruwa kimanin lita ɗaya da rabi cikin 'yan awanni.

Sikeli yakan nuna ƙarin rabin kilo zuwa kilo biyu a waɗannan kwanaki. Ruwa ne jiki ya riƙe, zai sauka da kansa. 'Yar dambe ko tekwando da ta firgita ta yanke abinci a kansa, ta kama hanyar matsalar da aka yi bayani a sama.

Jira sai ciwon mara ya kama

Ciwon mara yana zuwa ne daga wasu sinadarai da mahaifa ke saki don ta matse. Ibufurofen yana hana samar da su, ba ya kwashe waɗanda suka riga suka fita, shi ya sa wadda ta jira sai ta duƙe take cewa maganin ba ya aiki. A fara da alamar farko: miligiram 400 bayan an ci abinci, duk awa 6 zuwa 8, kada a wuce 1,200 a rana ba da umarnin likita ba, na kwana biyu ko uku. Ba a haɗa shi da dikulofenak. Mai olsa ko ciwon ƙoda ta guje shi, haka mai asma da irin wannan magani ke tayar mata, kuma ba a shan sa dab da doguwar tsere cikin rana, saboda rashin ruwa a jiki tare da shi yana wahalar da ƙoda. Gorar ruwan ɗumi a mara da ɗan sassarfa na minti 20 suna rage ciwon ga mata da yawa. Ciwon da ke hana atisaye kowane wata duk da magani, ko wanda ke ƙaruwa shekara bayan shekara, na likitan mata ne, kuma littafin nan na zagaye uku shi za a miƙa masa.