Yadda Za Ki Gane Sanyin Da Ya Haura Mahaifa Kafin Ya Toshe Hanyar Haihuwa

A ɗauki misalin wata mata mai shekara 24, mai ɗa ɗaya. Kwana biyu da yin wankan tsarkin al'ada sai mararta ta fara ciwo, ba murɗa irin ta lokacin haila ba, wani nauyi ne a ƙasan cibiya, hagu da dama. Washegari jikinta ya yi zafi, ta kuma ga ruwa mai launin rawaya da wari a kamfanta. Aka aika yaro kemis ya karɓo maganin maleriya. Da bai saki ba aka ce taifot ne, aka sayo kafso na kwana uku. Zazzaɓin ya sauka, ciwon ya lafa, kowa ya ce ta warke. Bayan shekara uku tana neman ƙanin ɗanta, hoton da aka yi mata ya nuna bututun ƙwai duka biyu a toshe.

Abin da ya same ta shi ne wanda likitoci ke rubuta wa PID a kati. A gida kuwa duk wani ƙaiƙayi, ruwa ko zafin fitsari "sanyi" muke ce masa, kuma wannan jam'in sunan ne ke cutar da mata, domin yana haɗa mai sauƙi da mai haɗari a kwando ɗaya. Mai haɗarin, wato PID, shi ne lokacin da ƙwayoyin cuta suka wuce bakin mahaifa, suka shiga cikinta, suka haura bututu biyun da ke ɗauko ƙwai. Bututun nan siriri ne, cikinsa shimfiɗe da wasu 'yan gashi masu tura ƙwai zuwa mahaifa. Idan mugunya ta taru a ciki, gashin ya lalace, wurin kuma ya warke da tabo. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya goge tabo. Shi ya sa a wannan ciwon kwanakin farko ne ke yanke hukunci.

Da farko, ki saurari ciwon da kyau

Ki kwanta rigingine, ki ɗan naɗe gwiwoyinki, ki danna ƙasan cibiya da yatsu a hankali. Ciwon sanyin mahaifa yawanci ɓangare biyu yake kamawa, ba ya zuwa ya tafi kamar naƙuda, yana nan zaune. Yana ƙaruwa idan kina tafiya, ko babur ya faɗa rami da ke, har wasu matan su riƙa takawa a ɗan duƙe. Sau da yawa yana tasowa ne a ƙarshen al'ada ko 'yan kwanaki bayanta, domin a lokacin haila bakin mahaifa ya ɗan buɗe, majinar da ke tsare ƙofar kuma ta tafi. Ciwon mara na haila kuwa tare da jini yake zuwa, ya tafi a kwana na biyu ko na uku. Wanda ya fara bayan jini ya ɗauke ba nasa ba ne.

Akwai alamar da mata suka fi ɓoyewa, ita ce kuma ta fi faɗin gaskiya: jin zafi can ciki lokacin saduwa, ba a bakin gaba ba, kamar ana taɓa gyambo. Idan da ba kya jin haka yanzu kuma kina ji, ki riƙe shi a ranki, ki faɗa wa likita ko da bai tambaya ba.

Sannan ki duba ruwan da ke fita

Farin ruwa mara wari da ke yauƙi a tsakiyar wata lafiya ne. Wanda yake fari, guda-guda kamar kindirmo, da ƙaiƙayi mai tsanani amma babu ciwon mara babu zazzaɓi, yawanci bai haura sama ba, maganinsa ma daban ne. Wanda ake tsoro shi ne mai launin rawaya ko kore-kore, mai kama da mugunya, wani lokaci da wari. Ki haɗa da ɗigon jini a tsakanin al'ada biyu, ko bayan saduwa.

Ki auna zafin jiki

Taɓa goshi ba ya isa. Ki sa ma'aunin zafi, idan ya kai 38 ko ya wuce, zazzaɓi ne. Sai dai kada rashinsa ya rufe miki ido. Mata da yawa masu wannan ciwo jikinsu ba ya zafi ko kaɗan, musamman idan kilamidiya, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta saduwa, ce sanadi, domin ita a ɓoye take ɓarna. Ciwon mara da baƙon ruwa kaɗai sun isa dalilin zuwa asibiti.

Nan ne maleriya da taifot ke shiga tsakani. A wajenmu zazzaɓi ya riga ya samu suna tun kafin a auna. Ki sani maleriya ba ta sa ruwa mai wari ya fita daga gaba, ba ta kuma sa zafin saduwa. Mace na iya ɗauke da duka biyun a lokaci guda, don haka ko gwaji ya nuna maleriya, ki ce a duba marar. Gwajin jinin nan da aka saba yi na taifot kuwa yakan nuna akwai alhali babu.

Ki waiwaya makonnin baya

Ki tambayi kanki abin da ya faru kafin ciwon. Kin haihu kwanan nan? Kin yi ɓari, ko an yi miki wankin ciki? An sa miki robar tazarar haihuwa a mahaifa cikin makonni uku da suka wuce? Maigida ya yi kukan zafin fitsari ko ɗigar ruwa daga gabansa? Manyan masu jawo ciwon su ne gonoriya da kilamidiya, ta saduwa ake ɗaukarsu, ba a masai ba kamar yadda ake yawan faɗa. Amma ba su kaɗai ba ne. Ƙwayoyin da ke zaune a farji da kansu ma kan haura idan suka sami ƙofa, musamman bayan haihuwa ko ɓari. Saboda haka samun wannan ciwo ba shaida ce a kan kowa ba. Ina faɗin haka ne don tsoron zargi ya hana mata da yawa buɗe baki. Matse-matse da ɗura ruwa cikin gaba don wanki su ma suna kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin wurin, ki dakatar da su.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Idan al'adarki ta yi jinkiri, ko ta zo ɗan kaɗan ba yadda ta saba ba, sannan ga ciwo a gefe ɗaya, ga jiri ko suma ko ciwo a kan kafaɗa, wannan na iya zama cikin da ya zauna a bututu. Idan ya fashe jini ne ke zuba a ciki, a tafi asibiti a daren. Haka nan idan ciwon ya fara a cibiya ya gangara dama tare da amai, afendis ake zargi. Amai da ya hana ki riƙe magani, zazzaɓi mai karkarwa, ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa, ko kina da juna biyu, duk waɗannan na kwanciya asibiti ne a sa magani ta jijiya.

Abin da za a yi miki a asibiti

Gwajin ciki ne farko, ko kina ganin ba ki da shi. Daga nan a duba ki ta ƙasa: a sa yatsu biyu a motsa bakin mahaifa, ɗaya hannun yana danna mara. Idan kika zabura don zafi, wannan babbar alama ce. Kina da damar neman mace ta duba ki, amma kada kunya ta sa ki tsallake wannan matakin, don ya fi sikanin faɗin gaskiya a farkon ciwo. Sikanin na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, amfaninsa shi ne gano ƙurjin mugunya kusa da ƙwai ko cikin da ke wajen mahaifa. Gogen auduga da aka saba yi a ƙananan ɗakunan gwaji shi ma ba ya kama kilamidiya. Don haka ƙa'idar likitoci ita ce, idan alamomi sun nuna, a fara magani ranar, ba sai an jira sakamako ba. Ki yarda a yi miki gwajin ƙanjamau da na tunjere a lokaci guda.

Dalilin gaggawar a lissafe yake. A wani dogon bincike da aka yi a birnin Lund na ƙasar Suwidin, aka bi matan da suka kamu tsakanin 1960 da 1984, kusan 8 cikin 100 sun rasa haihuwa saboda toshewar bututu bayan kamuwa ɗaya, kusan 20 bayan ta biyu, kusan 40 bayan ta uku. An kuma gano cewa waɗanda suka jinkirta neman magani kwana uku ko fiye, haɗarinsu na rasa haihuwa ko yin ciki a bututu ya ninka kusan sau uku.

Yadda ake shan maganin

Haɗi ne na magani uku, domin ƙwayoyin cutar ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi bayarwa shi ne allurar seftiriyazon sau ɗaya, sai doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma, da metronidazol wanda aka fi sani da filajil shi ma safe da yamma, duka tsawon kwana 14. Likita ne zai rubuta, domin mai juna biyu ba ta shan doksisaikilin. Ki sha shi da ruwa cike da kofi, kada ki kwanta nan take don yana ƙona maƙoshi. Ki raba shi da nono, fura da nono, madara da ƙwayar ƙarin jini da kamar awa biyu, saboda suna hana shi shiga jiki. Filajil kan sa ɗacin baki da tashin zuciya, ki sha bayan kin ci abinci.

Wajen kwana na uku ko na huɗu za ki ji kamar kin warke. Nan matar da muka fara da ita ta tsaya, cutar ta ci gaba da aikinta shiru. Ki cika kwana 14 ɗin nan ko da ba kya jin komai. Ki koma a duba ki bayan kwana uku da farawa, idan zazzaɓi da ciwo ba su ragu ba, wataƙila mugunya ta taru, sai an kwantar da ke.

Ba ke kaɗai za ki sha maganin ba

Dole maigida ya karɓi magani ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, don maza da yawa na ɗauke da kilamidiya ba tare da sun ji komai ba. Idan kuna da abokan zama, su ma sai an duba su an ba su nasu a lokaci ɗaya. In ba haka ba, ke ki warke, ranar girkinki ta zagayo, cutar ta dawo, ki shiga lissafin kamuwa ta biyu. Idan maganar ta yi miki nauyi, ki roƙi likita ko nas ta rubuta takardar gayyata, ko ta kira shi ta yi masa bayani da kanta, maza sun fi jin ta daga bakin ma'aikacin lafiya. A dakatar da saduwa har ki gama kwana 14, shi ma ya kammala nasa, ciwon kuma ya tafi. Idan gwaji ya nuna gonoriya ko kilamidiya, a sake auna ki bayan wata uku.

Ki adana katin asibitin. Duk ranar da kika samu ciki bayan wannan, ki je da wuri, tun makonnin farko da ɓatan wata, ki nuna katin, a yi sikanin a tabbatar cikin yana cikin mahaifa.